Takardar gabatar da kasuwanci da sai da aka rubuta ta sau uku: nazarin lamarin wani mai ɗinka jakunkuna

## Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa yana da ƙaramar masana'antar ɗinka jakunkunan yadi, irin waɗanda shaguna da makarantu da masu shirya taro ke ba da oda a buga musu tambarinsu a jiki. Lokacin da abin ya faro, kasuwancin yana cikin shekararsa ta 4. Yana da kekunan ɗinki 6 da ma'aikata 8: teloli 6, mai yanka 1, sai mai dubawa da ɗaure kaya 1. Tela ɗaya kan fitar da jaka 16 a rana, ana kuma aiki kwana 25 a wata. Ke nan idan komai ya tafi daidai, wurin zai iya fitar da jaka 2,400 a wata. Abin da yake fitarwa a zahiri kuwa, 1,700 ne, wani watan ya ɗan haura, wani watan ya ɗan gaza.

Ba rashin kasuwa ne ke damunsa ba. Oda tana zuwa, amma sau da yawa sai ya ba mai odar haƙuri domin babu kuɗin sayen yadi a hannu. Da ya zauna ya yi tunani, sai ya ga mutum uku yake bukata: dilan yadi da zai riƙa ba shi kaya bashi, wakilin da zai sayar masa da jakunkuna a wuraren da ƙafarsa ba ta kaiwa, da mai zuba jari da zai ba shi kuɗin ƙaro kekuna 4. Duk wanda ya tuntuɓa cikinsu, amsa ɗaya yake samu: "Turo mana bayanin kasuwancinka a rubuce, za mu duba."

Wannan bayanin a rubuce shi ne abin da za mu bi sawunsa, tsawon wata 11. Ni ban shiga lamarin ba sai a wata na 5, lokacin da ya kira ni in duba masa littattafai. Abin da ya faru kafin nan na same shi ne daga bakinsa da kuma takardun da ya adana, kuma ya iya adana takarda. Duk inda maganar kuɗi ta zo, na auna ta da kashi cikin 100 ko da "cinikin wata", wato jimillar abin da yake sayarwa a wata ɗaya, domin lissafin ya zauna ko da wane irin kuɗi mai karatu yake kasuwanci.

## Wata na 1 da na 2: takarda ta farko

Shi ya rubuta ta da kansa, shafi 3. Shafin farko tarihinsa ne: yadda ya koyi ɗinki tun yana yaro, yadda ya fara da keke ɗaya na aro. Shafi na biyu buri ne, na zama kan gaba a harkar jakunkuna da samar wa matasa aiki. Shafi na uku hotunan kaya. Na ƙirga kalmar "inganci" sau 9 a ciki, "amana" sau 6. Lambobi biyu ne kacal a takardar baki ɗaya, shekarar da aka kafa wurin da lambar waya. Abin da yake nema kuwa sai a layin ƙarshe ya fito, kuma ga yadda ya fito: "Muna maraba da duk mai son haɗa hannu da mu ta kowace fuska."

Ya aika wa mutum 40: dilan yadi 15, wakilan sayarwa 15, masu zuba jari 10. Takarda ɗaya ce ta je wa kowa, ba a canja ko harafi ba.

Amsa 3 ya samu. Biyu godiya ce da fatan alheri. Ta uku daga wani dila ce, layi ɗaya: "Mita nawa kake saye a wata, kuma yadi mai wane nauyi?" Ba shi da amsar a shirye. Sai bayan kwana 9 ya mayar da martani, da cewa "ya danganta da kasuwa". Daga nan shiru kake ji.

## Wata na 3 da na 4: takarda ta biyu

Ya ɗauka cewa rashin iya tsara magana ne ya kayar da shi, don haka ya biya wani mai rubuta takardun talla ya gyara masa. Marubucin ya mayar da ita shafi ɗaya, ya yi mata launi, ya kuma gaya masa gaskiyar da bai sani ba, cewa masu karanta irin wannan takarda lambobi suke nema. Sai dai bai nemi ganin littafin ciniki ba. A waya ya riƙa tambaya, shi kuma maigidan yana ba da amsa daga ka.

Ga lambobin da suka shiga. "Muna iya fitar da jaka 5,000 a wata": wannan abin da zai iya ne da a ce yana da kekuna 10 ana kuma ƙara lokacin aiki. "Kwastomomi sama da 100": an haɗa da duk wanda ya taɓa sayen jaka ko da sau ɗaya cikin shekara 4. "Riba kashi 48 cikin 100": kuɗin yadi da zif da zare kawai aka cire daga ciniki, ba a cire lada ba, ba a cire haya ba. Shi a ransa ba ƙarya ya yi ba, kowace lamba yana iya faɗin inda ya samo ta. A ƙasa aka rubuta cewa yana neman jari daidai da cinikin wata 4, ya ba da kashi 10 na kamfanin.

An aika wa mutum 25, an samu amsa 6. Ya yi murna, yana ganin kuɗin marubuci bai tafi a banza ba. Biyu cikin shidan ne maganarsu ta yi nisa.

Na farko babban dilan yadi ne, wanda ya ce zai zo ya gani da ido. Ya shigo, ya gaisa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙirga kekuna: 6, biyu a lulluɓe da ƙyalle domin ranar babu yadin da za su ɗinka. Ya ɗauki jaka ɗaya ya juya cikinta waje, ya tambayi yadin da take ci. Aka ce rabin mita. Ya ce, "To Malam, jaka 5,000 ai mita 2,500 ke nan. Mu ga rasit ɗin wata uku." Rasit ya nuna tsakanin mita 800 da 900 a wata. Dilan bai yi faɗa ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya ce zai yi shawara, ya tafi, bai ƙara ɗaukar waya ba.

Ta biyu wata mai zuba jari ce. Ta nemi bayanan shige da fice na asusun banki na wata 12. Da aka kai mata, sai ta tarar asusu ɗaya ne ke ɗauke da kuɗin kwastomomi da kuɗin makarantar yara da cefanen gida. Ta aiko da saƙo gajere, ta ce ba ta iya gane inda kasuwanci ya tsaya da inda gida ya fara ba, kuma farashin da ya sa wa kamfanin ba ta ga abin da ya tallafe shi ba.

Akwai wani ƙaramin tuntuɓe a wannan tsakanin. Ya baza takardar a bainar jama'a, ya ƙara mata layin cewa duk wanda ya zuba kuɗi "ribarsa tabbas ce". Wani lauya da ya sani ya kira shi ya ce ya janye ta, domin a ƙasashe da yawa doka ta ƙayyade yadda ake kiran jama'a su sayi hannun jari, kuma mai kasuwanci ba ya lamunce ribar da bai riga ya samu ba. Ya janye ta a ranar.

## Wata na 5: komawa kan littattafai

A nan ya kira ni. Abin da ya roƙa shi ne in "gyara masa lambobin". Na ce sai mun fara sanin lambobin tukuna. Mun yi mako 3 muna bin rasit da littafin oda da bayanan banki na wata 12, muna ware na gida gefe.

Daga kowane 100 da ya shigo na ciniki, 52 kan tafi a yadi da zif da igiya da zare. Ladan teloli da sauran ma'aikata 17. Buga tambari, wanda a waje ake kai masa, 5. Haya da wuta da sufuri da gyaran kekuna 11. Abin da ya rage 15. Amma shi kansa ba ya biyan kansa albashi, ɗiba kawai yake yi idan bukata ta taso. Da muka sa albashin da zai biya wani ya riƙe masa wurin, wato 6, ribar gaskiya ta tsaya a 9. Daga 48 zuwa 9.

Da wannan 9 ɗin na nuna masa abin da mai zuba jarin nan ta gani. Wanda ya ce a ba shi cinikin wata 4 ya ba da kashi 10, to cewa ya yi kamfanin, bayan kuɗin sun shiga, ya kai darajar cinikin wata 40. Ribar shekara guda kuwa kashi 9 ne na cinikin wata 12, wanda bai fi cinikin wata ɗaya da 'yan kwanaki ba. Idan aka raba 40 da wannan, sai a ga ya sa wa kamfaninsa farashin ribar shekara 37. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ni ban san haka na faɗa ba. Na ga goma ce ba ta yi yawa ba."

Abu na biyu da littattafan suka fito da shi ya fi wannan muhimmanci, domin shi ya canja abin da takardar za ta nema. Daga ranar da ya sayi yadi zuwa ranar da jaka ta bar wurinsa, kwana 25 ne, kuma 8 daga ciki a wajen mai buga tambari suke tafiya. Daga ranar da ya kai kaya zuwa ranar da kwastoma ya biya, kwana 45. Shi kuwa dilansa kuɗi hannu yake karɓa. Lissafin kwanakin da kuɗi ke yi a ɗaure ba shi da wuya: a haɗa kwanakin da kaya ke yi a hannu da kwanakin da ake jiran kwastoma, a cire kwanakin da dila ya ɗaga maka. A nan 25 + 45 − 0 = 70. Duk kuɗin da ya sa a yadi sai ya yi kwana 70 kafin ya dawo. Shi ya sa kekuna biyu ke kwana a lulluɓe. Mutumin da ke amfani da kashi 71 na ƙarfin kekunan da yake da su, ƙarin kekuna 4 ba abin da za su ƙara masa sai abin lulluɓewa.

Idan aka ɗaga masa kwana 30 a kan yadi da sauran kayan ɗinki, abin da zai saku a hannunsa kashi 52 ne na cinikin kwana 30, kusan cinikin rabin wata, kuma bai ba kowa ko kashi ɗaya na kamfaninsa ba. Dilan da ya ɗauka a matsayin ƙaramin abin nema, ashe shi ne babba.

Abu na uku: kwastomomin da ke saye a kai a kai 14 ne, 11 cikinsu sun maimaita oda aƙalla sau 3 a shekarar. Amma guda ɗaya shi ke sayen kashi 45 na duk abin da ake ɗinkawa. A kan wannan muka yi musu. Ya ce, "Malam, wa ke tallan aibinsa? Idan na rubuta wannan ai na kori mutane da hannuna." Na ce duk wanda zai sa kuɗinsa sai ya ga bayanan banki, kuma a shafin farko zai ga sunan nan yana maimaituwa. Zaɓin da ke gabansa shi ne ko su ji daga bakinsa tare da abin da yake yi a kai, ko su gano da kansu su fara tunanin me kuma aka ɓoye. Bai gamsu ba a ranar. Bayan kwana biyu ya ce a sa, amma a takardar masu jari kaɗai.

A watan ne kuma ya buɗe wa kasuwancin asusu na daban, ya yanka wa kansa albashi.

## Wata na 6: takarda ta uku

Ƙa'ida biyu muka bi. Ta farko, babu lambar da za ta shiga sai wadda za a iya ɗauko takardar shaidarta cikin minti 10. Ta biyu, gangar jikin takardar ɗaya ce ga kowa, amma ƙarshenta uku ne, kowane mai karatu da nasa, kuma ba a aika wa mutum ƙarshen da ba nasa ba.

Ga gangar jikin, na cire suna da adireshi:

"Muna ɗinka jakunkunan yadi masu tambari ga shaguna, makarantu da masu shirya taro. Kamfani ne mai rajista, shekara 4 yana aiki. Kekuna 6, ma'aikata 8. A wata 12 da suka wuce mun fitar da jaka 1,700 a wata, ƙarfinmu kuma 2,400 ne. Muna da kwastomomi 14 na dindindin, 11 sun maimaita oda aƙalla sau 3 a bana. Abin da ya hana mu cike gurbin 700 ɗin nan shi ne muna sayen yadi kuɗi hannu, kwastomominmu kuma suna biya bayan kwana 45. Waɗannan lambobi na ƙarshen watan jiya ne, rasit da littattafai suna nan ga mai son gani."

Tarihin keken aro bai shiga ba. Ya ji zafin wannan, na kuma fahimce shi, domin labari ne mai daɗin ji. Muka bar shi sai an zauna gaba da gaba, inda yake da amfani.

Ƙarshen da aka yi wa dila ya amsa tambayar da aka yi masa tun wata na 2: "Muna sayen mita 850 na yadin auduga mai kauri a wata, iri biyu, launi huɗu. Muna neman dila ɗaya da zai riƙa ba mu wannan adadi a biya bayan kwana 30. Mun yarda a fara da kuɗi hannu a oda biyu na farko. Mutum biyu da muke sayen zif da zare a wurinsu tun shekara 3 sun amince a tambaye su yadda muke biya." A ainihin takardar an rubuta nauyin yadin da faɗinsa da lamba, kamar yadda suke a rasit. Sai da muka nemi izinin masu shaidar nan biyu kafin a sa sunansu.

Na wakili ya faɗi abin da wakilin zai samu da abin da za a iya cika masa: la'adar kashi nawa, mafi ƙarancin oda jaka 200, kaya su isa cikin kwana 14, da cewa akwai gurbin jaka 700 a wata da babu mai shi. An haɗa da samfur biyu.

Na mai zuba jari shi ya fi canjawa. Maganar kekuna 4 ta fita gaba ɗaya. Abin da aka nema jari ne daidai da cinikin wata 1, a sayi injin buga tambari, a ba da kashi 20. An bayyana dalili: aikin da ke cin 5 a waje zai koma cin kimanin 2 a gida, kwana 8 na jira su koma 2. An rubuta ribar 9 ƙarara, aka ce bayan albashin maigida ce. An rubuta maganar kwastoman kashi 45, da cewa neman wakili da ake yi don rage wannan ne. Farashin da wannan tayi ya sa wa kamfanin shi ne cinikin wata 5, wato ribar ƙasa da shekara 5. Ba a yi alkawarin riba ba. Sunayen kwastomomi da farashin kowace jaka ba su shiga ba, an ce sai an zauna.

Kowace takarda, jiki da ƙarshe, ba ta cika shafi ɗaya ba.

## Wata na 7 zuwa na 11: abin da ya biyo baya

An aika wa mutum 25: dila 8, wakilai 10, masu jari 7. Wannan karon an zaɓe su, kuma kusan rabinsu ta hannun wani da ya san su aka bi. Amsa 11 ta dawo: dila 5, wakilai 4, masu jari 2.

Cikin dilan, uku sun ce ba sa ba sabon kwastoma bashi ko yaya takardarsa take. Ɗaya ya ce mita 850 ta yi masa kaɗan. Na biyar ya kira masu shaidar nan biyu a rana ɗaya, sannan ya zo ya duba wurin. Shi ma ya ƙirga kekuna, ya samu 6 kamar yadda aka rubuta. Bai ba da kwana 30 nan take ba. Oda biyu kuɗi hannu, sannan rabin kaya bashi na kwana 15, sannan kwana 30 a kan mita 500 kawai. Sai a wata na 10 ya sake masa duka.

Ɓangaren wakili ya zo da tangarɗa, kuma laifin takardar ne. Wata wakiliya ta kawo odar jaka 600 a wata na 8, ta yi wa nata kwastoman alkawari bisa kwana 14 da ta karanta. Kaya ba su isa ba sai a kwana na 20, domin mai buga tambari ya riƙe su kwana 8 kamar yadda ya saba. Wannan lamba ta kwana 14 ita kaɗai ce ta shiga takardar ba tare da mun bi littafi mun tabbatar ba. Maigidan ne ya faɗa, ni kuma na rubuta, alhali kwana 8 ɗin nan suna gabana a wani shafin. Ya rage mata farashi a kan jinkirin, aka mayar da layin zuwa kwana 21. Ta ci gaba da hulɗa, ta kuma nemi a bar mata yankinta ita kaɗai. An amince na wata 6, bisa sharaɗin za ta riƙa ɗaukar aƙalla jaka 300 a wata.

Cikin masu jari biyu, ɗaya ya tsaya a zama na farko, ya ce kasuwancin ya yi masa ƙanƙanta. Ɗayan ya yi mako 3 yana bin littattafai, bai sami inda suka saɓa wa takardar ba. Game da babban kwastoman, tambaya ɗaya ya yi: akwai yarjejeniya a rubuce? Babu. A kan haka ya ce zai ba da kuɗin, amma kashi 30 yake so. Maigidan ya ƙi. A lokacin kuɗi sun fara sakuwa a hannunsa, bai ga abin gaggawa ba.

A ƙarshen wata na 11 ana fitar da jaka 2,150 a wata. Babban kwastoman bai rage saye ba, amma kasonsa ya sauko zuwa kashi 36 domin sauran sun ƙaru. Sababbin oda ana karɓar kafin alƙalami a kansu, abin da ya rage jiran biya zuwa kwana 40, don haka kwanakin da kuɗi ke ɗaure suka zama 25 + 40 − 30 = 35. Babu mai zuba jari, ba a kuma sayi injin tambari ba. Yana tara masa kuɗi duk wata.

## Hukunci

Takarda ta farko ta faɗi ne domin babu wanda aka rubuta wa ita. Mutanen nan uku ba abu ɗaya suke tsoro ba. Dila yana tsoron kada kayansa su fita kuɗi su ƙi dawowa, don haka adadin saye da tarihin biya yake nema. Wakili sunansa yake jinginarwa a gaban nasa kwastomomin, abin da ya dame shi shi ne la'ada da ranar isar kaya. Mai jari yana son sanin abin da kuɗinsa za su saya da hanyar da za su dawo. Layin "ta kowace fuska" ya ɗora wa mai karatu aikin gano wa kansa inda zai shiga, kuma mutumin da takardu suka taru a gabansa ba zai yi maka wannan aikin ba.

Ta biyu ta fi ta farko ɓarna, duk da ta ninka ta a samun amsa. Ta farko mantawa kawai aka yi da ita. Ta biyu ta jawo mutanen da suka dace har bakin ƙofa, sannan ta ƙaryata mai ita a gabansu. Ina ganin darasin da ke cikin wannan na auna nasara ne: yawan amsa ba ya nuna takarda ta yi aiki, abin dubawa shi ne ko maganar tana rayuwa bayan an zo an gani. Masu wannan sana'a suna da hanyar gwada lamba da lamba, jaka da mita, ma'aikata da kekuna, riba da bayanan banki, kuma cikin minti kaɗan suke yi.

Ta uku ta yi aiki saboda mako 3 da aka yi a kan littattafai, ba saboda iya rubutu ba. A can ne aka gano cewa abin da ake nema tun farko ba shi ne maganin ba. Da mai zuba jarin wata na 4 ta ba da kuɗin, da kekuna 10 ne za su riƙa jiran yadi. Layin da na fi ganin ya yi tasiri shi ne wanda ya faɗi gurbin jaka 700 da dalilinsa, domin kowane mai karatu ya ga gurbin da shi zai cike.

Sai dai kada a ɗora wa takardar abin da ba ita ta yi ba. Jerin mutanen karo na uku zaɓaɓɓu ne, da yawansu an bi ta hannun wanda suka sani, saboda haka kwatanta 11 da 6 ba cikakken gwaji ba ne. Ƙarin jaka 450 ma wani ɓangarensa ya faɗo a lokacin da odar makarantu kan yi yawa. Kuma takardar ba ta canja ƙimar kasuwancin a idon mai jari ba: ta kai su teburin ciniki ne kawai, a can kuma rashin yarjejeniya da babban kwastoma ya sa aka nemi ƙarin kashi 10 daga maigidan. Ƙin karɓar tayin kashi 30 ina ganin daidai ne a halin da yake ciki, ko da yake da ya fara ɗaure kwastoman nan da takarda kafin ya nemi jari, da wataƙila ba a kai ga wannan cinikin ba.

Yanzu duk wata 3 yana sabunta lambobin gangar jikin, ya canja kwanan watan da ke ƙasa. Babban dilan nan da ya zo a wata na 4, an aika masa da takarda ta uku tare da wasiƙar ba da haƙuri, an bayyana masa inda lambobin farko suka fito. Har zuwa ƙarshen wata na 11 bai amsa ba.